Ƙurajen Fuska: Kwana Nawa Magani Yake Ɗauka Kafin Ya Yi Aiki?

Duk wanda ya tsaya gaban kantar kemis yana neman maganin ƙurajen fuska, tambayar da ke bakinsa ɗaya ce: "Kwana nawa zan yi in ga sun baje?" Tambayar tana da amsa uku, kuma rashin rarrabe su ne ke sa mutane da yawa jefar da magani mai kyau tun bai fara aiki ba.

Ƙurji guda da ya riga ya fito ya yi ja yakan ɗauki kwana 3 zuwa 7 kafin ya kwanta, ko an shafa masa magani ko ba a shafa ba. Abin da magani yake yi masa shi ne ya rage kumburi, ya ɗan gajarta masa kwanaki. Hana sababbin ƙuraje fitowa kuwa aikin makonni ne: ana fara ganin sauƙi a mako na 4 zuwa na 6, kuma likitocin fata ba sa yanke wa magani hukunci sai ya cika mako 12. Sai baƙin tabon da ƙurji ke bari, wanda ya fi damun masu baƙar fata irinmu. Shi wannan watanni yake ɗauka, sau da yawa wata 6 zuwa shekara guda.

Wanda ya sayi magani yana jiran sakamakon mako 12 cikin kwana 5, dole ya ce maganin bai karɓe shi ba. Daga nan sai ya koma wani, ya sake komawa wani, har ya faɗa hannun man da zai lalata masa fuska. Don a gane dalilin wannan jinkiri, sai an fara sanin inda ƙurji yake tasowa.

Ƙurjin yau ba yau ya fara ba

A fatar fuska da ƙirji da baya akwai ƙananan ƙofofin gashi masu yawan gaske, kowace da 'yar jakar da ke fitar da maiƙo a gindinta. Idan yaro ko yarinya suka kai shekarun balaga, sinadaran jiki da ake kira homon suna sa waɗannan jakunkuna su ƙara girma, su ƙara fitar da maiƙo. A lokaci guda matattun ƙwayoyin fata da ya kamata su kaɗe su fita sai su manne da juna a wuyan ƙofar, su toshe ta.

Toshiyar nan ido ba ya ganinta da farko. Tana nan a ƙarƙashin fata tsawon makonni tana tara maiƙo. In bakin ƙofar ya kasance a rufe, sai ta zama ɗan ƙaramin gudaji mai launin fata, irin wanda ake ji da yatsa a goshi kafin a gan shi a madubi. In bakin a buɗe yake, sai ta zama baƙin ɗigo, galibi a hanci. Baƙin ba datti ba ne, iska ce ta taɓa abin da ke ciki ya sauya launi, shi ya sa dirza da soso ba ya fitar da shi. Akwai kuma wata ƙwayar bakteriya da ke zaune a fatar kowa, wadda ke son wurin da maiƙo ya taru kuma iska ba ta shiga. Idan ta hayayyafa a cikin toshiyar, jiki ya tashi yaƙarta, sai wurin ya kumbura, ya yi ja, ya yi zafi, wani lokaci ya tara ruwa. Wannan shi ne ƙurjin da ake tashi da shi da safe.

Abin kamar gona ne: tsiron da ya leƙo yau, an daɗe da binne irinsa. Ranar da mutum ya fara shafa magani, akwai toshiya da dama da suka riga suka yi nisa a ƙarƙashin fata, kuma za su fito a makonnin farko ko da maganin yana aikinsa. Abin da maganin yake hanawa shi ne sababbin da ba su riga sun ƙullu ba. Wannan ne ya sa ɗiga magani a kan ƙurji ɗaya bayan ɗaya bai isa ba ga wanda ƙuraje ke yi wa zarya. Shi sai ya shafa siririn magani a duk yankin da suke fitowa, har da inda yake gani lafiya lau.

Benzoyil feroksaid: mai kashe ƙwayar cuta

Cikin magungunan da ake saya ba tare da takardar likita ba, benzoyil feroksaid ne ya fi ƙarfi a kan jajayen ƙuraje masu kumburi da masu ruwa. Yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Idan ya shiga ƙofar gashi yana sakin iskar oksijin mai kaifi wadda ke kashe ƙwayar bakteriyar nan, yana kuma ɗan sassauta toshiyar. Babbar falalarsa ita ce ƙwayar cutar ba ta sabawa da shi yadda take sabawa da antibayotik, don haka ana iya shafa shi watanni ba tare da ya daina ci ba.

Yana zuwa da ƙarfi uku da aka fi sani: 2.5%, 5% da 10%. Hankalin mai saye yakan tafi ga na 10%, yana ganin shi zai fi sauri. Wani bincike da aka buga a 1986, wanda ya gwada ƙarfin nan uku a kan masu ƙuraje, ya nuna cewa na 2.5% yana rage jajayen ƙuraje daidai da na 5% da na 10%, amma bai kai na 10% ɗin ƙona fata da sa ta saɓa ba. Ga mai baƙar fata wannan magana ce babba, domin duk abin da ya fusata fatarmu yana iya barin duhu a wurin. A fara da 2.5%, in babu a ɗauki 5%.

Ƙwayoyin cutar suna raguwa cikin kwanaki kaɗan da fara shafa shi, kuma ƙurjin da aka ɗiga masa yakan yi laushi ya fara bushewa cikin kwana 2 zuwa 3. Amma raguwar yawan ƙuraje a fuska baki ɗaya sai kusan mako 4, cikakken amfaninsa kuma sai wata 2 zuwa 3, wani lokaci 4.

Yana da halaye uku da ya kamata a sani tun kafin a buɗe shi. Na farko, yana busar da fata, tana iya yin garin saɓa a gefen baki da hanci, musamman lokacin hunturu. Na biyu, yana cinye launin tufafi. Hijabi mai ruwan toka, ɗankwalin atamfa, wuyan rigar shadda, tawul da rigar matashin kai, duk yana bar musu tabo ruwan lemo ko fari wanda wanki ba ya fitarwa. Wannan bai nuna cewa yana yi wa fata bilicin ba, rinin tufafi kawai yake ci. Maganin abin shi ne a bari ya bushe sarai kafin a kwanta, a sa farar rigar matashi, a wanke hannu da sabulu bayan an shafa. Na uku, ba ya son zafi. A 2024 wani ɗakin gwaji a Amurka ya ba da rahoton cewa idan ya daɗe cikin zafi mai tsanani yana iya rushewa ya haifar da sinadarin benzin, wanda ke da alaƙa da ciwon daji. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gwada kayayyaki 95, a 2025 ta sanar da cewa 6 ne kawai suka nuna benzin mai yawa, sauran babu ko kaɗan ne ƙwarai. Darasin ga mai zaune a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu a fili yake: kada a bar shi cikin mota ko a bakin taga, a ajiye shi wuri mai sanyi, kuma a zubar da wanda kwanan watansa ya ƙare.

Salisilik asid: mai buɗe toshiya

Salisilik asid ɗan uwan asfirin ne, kuma aikinsa daban. Yana narkewa cikin maiƙo, saboda haka yana iya kutsawa cikin ƙofar gashi ya warware matattun ƙwayoyin fatar da suka manne. Ya fi dacewa da baƙaƙen ɗigo da ƙananan gudaji marasa ja, da fuska mai yawan maiƙo. A kan manyan jajayen ƙuraje bai kai benzoyil ba, ko da yake yana ɗan kwantar da kumburi, kuma fata ta fi jure shi.

Ƙarfin da ake shafawa a fuska shi ne 0.5% zuwa 2%. A nan akwai wurin yin hattara, domin ana sayar da salisilik asid mai ƙarfin 17% har zuwa 40% don cire kaluluwar fata mai tauri da kantar ƙafa. Sunan ɗaya ne, amma wanda ya ɗiga irin wannan a kumatu ƙonewa zai yi. A duba lambar da ke jikin kwalin kafin a biya kuɗi. Wanda jikinsa ba ya karɓar asfirin kuma ya guje shi.

Yana zuwa a matsayin sabulun ruwa na wanke fuska, ko ruwan shafawa da ake bari a fata. Wanda ake bari ya fi aiki, don na wanki ba ya daɗewa. In na wankin ne a hannu, a bar kumfar minti 1 zuwa 2 kafin a ɗauraye. Santsin fata da raguwar maiƙo kan bayyana cikin mako 2 ko 3, amma raguwar gudaji sai mako 6 zuwa 8.

Wanda ya fito daren jiya

To yaya za a yi da ƙurjin da ya tsiro a tsakiyar kumatu ana saura kwana biyu ɗaurin aure? Gaskiya ita ce babu abin shafawa da zai ɓatar da shi kafin gari ya waye, amma ana iya rage masa girma da ja.

In ja ne mai zafi wanda bai yi kai ba, a naɗe ƙanƙara cikin tsumma mai tsabta a ɗora masa 'yan mintoci, sannan da dare a ɗiga masa benzoyil kaɗan, daidai abin da zai rufe shi. Lafta masa da yawa ba ya ƙara sauri, zobe mai duhu kawai zai bari a kewayensa. In ya yi farin kai, akwai ɗan zagayayyen filasta na musamman da ake mannawa a kan ƙurji, wanda ke tsotse ruwan cikin awa 6 zuwa 8 ko kwana guda. Rabin amfaninsa shi ne yana tare yatsa. Ba ya aiki a kan ƙurji mai zurfi, ba ya kuma hana wani fitowa. Mayukan da ke ɗauke da farar wuta su ma suna busar da ƙananan ƙuraje cikin 'yan kwanaki, kuma suna da sauƙi ga fata, sai dai warinsu. Wannan ba yana nufin a daka farar wutar kasuwa a shafa ba, domin ba a san ƙarfinta ba.

Akwai kuma babban ƙurji mai zurfi, mai tauri, wanda ke ciwo ko ba a taɓa shi ba, yana iya yin makonni. Abin shafawa ba ya isa inda yake. Likitan fata yana iya yi masa 'yar allura a cikinsa ya kwanta cikin kwana 1 zuwa 3. Aiki ne na likita shi kaɗai, don in maganin ya yi yawa wurin yana lotsawa.

Man goge baki, lemon tsami, tafarnuwa da toka duk suna iya sa ƙurji ya bushe a ido, amma ta hanyar ƙona fatar da ke kansa. Ƙurjin da zai tafi cikin mako guda sai ya bar tabon da zai shekara. Haka matsa ƙurji da farce: wani ɓangare na abin da ke ciki ne ke fita, sauran ya fashe zuwa ciki, kumburi ya ƙaru, tabo ya yi zurfi.

Masu jinkiri da suka fi kai wa ga tushe

Adafalin, mai ƙarfin 0.1%, yana daga dangin bitamin A, kuma shi ne ke zuwa wa matsalar daga tushe, domin yana hana toshiyar ƙulluwa tun farko. A Amurka an yarda a sayar da shi ba tare da takardar likita ba tun 2016. Ba maganin ɗigawa a kan ƙurji ba ne sam. Ana matso daidai girman ƙwayar wake, a rarraba a duk fuska da dare, a kauce wa gefen ido da leɓe. A makonni 2 zuwa 4 na farko fata kan bushe, ta yi raɗaɗi, ƙuraje ma suna iya ɗan ƙaruwa. Sauƙi na bayyana a mako na 8 zuwa na 12. Mai ciki da mai neman ciki ba sa amfani da shi.

Azelayik asid, mai ƙarfin 15% ko 20%, yana rage ƙuraje yana kuma dusar da baƙin tabo, kuma yana cikin waɗanda likitoci ke ba masu ciki. Shi ma sai wata 2 zuwa 3. Kilindamaisin na shafawa kuwa antibayotik ne, kuma ƙa'idarsa ita ce kada a shafa shi shi kaɗai, sai tare da benzoyil, in ba haka ba ƙwayar cutar ta saba da shi ya daina aiki.

Mako goma sha biyu, mataki-mataki

Mu ƙaddara wata ɗaliba ce mai shekara 19, fuskarta na da maiƙo, ta ƙirga jajayen ƙuraje 15 a kumatu da haɓa, da ƙananan gudaji a goshi, da tabo da dama. Ba ta da ciki, babu kuma manyan ƙuraje masu zurfi. Ta sayi benzoyil 2.5% mai lambar rajistar NAFDAC.

Kafin komai ta ɗauki hoton fuskarta da waya, gaba da gefe biyu, a bakin ƙofa da hasken safiya, kuma za ta riƙa maimaitawa kowace Juma'a a wuri ɗaya. Madubi na kullum yana ruɗi, domin ido kan sabon ƙurji yake sauka, ba ya lura da biyar da suka tafi. Kwana 3 na farko gwaji ne: ta shafa kaɗan a wuri ɗaya ƙarami a gefen muƙamuƙi, ta ga yadda fata za ta karɓa.

Da ta ga babu matsala, sai ta fara shafawa dare ɗaya, ta tsallake ɗaya. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar isha'i, domin maganin zai kwana a fuska har alwalar asuba, ba kamar na rana ba da alwalar azahar za ta wanke. Ta wanke fuska da sabulu marar kaifi da tafin hannu, ba soso, ta jira kamar minti 15 fata ta bushe sosai, don danshi yana ƙara raɗaɗi. Sannan ta matso kaɗan a kan yatsa, ta ɗiɗɗiga a goshi da kumatu da haɓa, ta baje shi siriri har ya ɓace. Da safe ta shafa man laushin fata marar maiƙo, in da hali da man kariyar rana, saboda rana tana ƙara wa tabo duhu. Sabulu sau biyu a yini ya isa, ruwan alwala kuwa ba ya cutar da komai.

Mako na 2 shi ne mafi wuya. Gefen bakinta ya yi furu-furu, fuska na ɗan ɗaurewa in ta yi dariya, ga sababbin ƙuraje uku sun fito. A nan ne ƙawa za ta ce, "Wallahi wannan bai karɓe ki ba, zo in ba ki nawa." Amma waɗannan ukun tsofaffin toshiya ne da suka kai lokacinsu, bushewar kuma tana raguwa in fata ta saba. Abin yi shi ne ta ƙara man laushi, in raɗaɗin ya yi yawa ta huta dare biyu, ko ta riƙa wanke maganin bayan awa guda na 'yan kwanaki. A mako na 3 ko na 4 sai ta koma kowane dare.

A mako na 6 ta jera hotuna. Jajayen sun sauko daga 15 zuwa 9, kuma waɗanda ke fitowa ƙanana ne, suna saurin mutuwa. Wannan alama ce ta cewa hanya ta yi kyau, ko da fuskar ba ta washe ba. Tabon ma zai fi fitowa fili yanzu da jan ya ragu, har ta ji kamar abin ya ƙaru, alhali ba haka ba ne.

A mako na 12 saura 5 ko 6. Raguwar rabi ko fiye da haka nasara ce, sai ta ci gaba, domin waɗannan magunguna suna danne ƙuraje ne, in an daina sukan dawo cikin makonni. Gudajin goshi kuwa in suna nan, abu biyu za ta duba. Na farko man kitso: mai kaurin da ake lafta wa gaban kai yana gangarowa goshi da zufa a ƙarƙashin ɗankwali, ya toshe ƙofofin gashi. Na biyu ta ƙara adafalin da dare, ta mayar da benzoyil zuwa na wankin fuska da safe, ta kuma ba sabon tsarin nasa mako 12. In kuwa tun farko ta cika mako 12 tana shafawa yadda ya kamata amma hotuna ba su nuna bambanci ba, lokacin ganin likita ya yi.

Man da ke "aiki" cikin kwana uku

Akwai man da zai kwantar da ƙuraje cikin kwana 3, fuska ta yi santsi har ta ɗan yi haske, kuma shi ne mafi haɗari a duk wannan magana. Su ne mayukan da ke ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi, irin su kilobetasol da betametason. Wasu ana sayar da su a matsayin magani uku cikin ɗaya, wasu kuma an zuba su cikin haɗin gyaran fata da ake sayarwa a roba ba suna ba lamba.

Sitiroyid yana kashe kumburi nan take, shi ya sa jan yake ɓacewa. Amma bai buɗe toshiya ba, bai kashe ƙwayar cuta ba, sai ma ya raunana garkuwar fata. Bayan makonni sai ƙananan ƙuraje masu kama ɗaya da girma ɗaya su feso a goshi da kumatu. In an daina shafawa fuska ta yi zafi, ta yi ja, ta yi ƙaiƙayi, sai a koma masa don a sami sauƙi, haka mutum zai zama bawan man. Da tafiya ta yi tafiya fata tana sirancewa, jijiyoyi su bayyana, launi ya rarrabu, wani wuri fari wani baƙi. Ina roƙon iyaye mata da masu gyaran amare su riƙe wannan: duk man da ya share ƙuraje cikin kwana uku ya kuma haska fuska, a tuhume shi. Wadda ta daɗe tana shafa irinsa ta nemi likita ya tsara mata yadda za ta rabu da shi, domin makonnin farko bayan dainawa suna da wuya, kuma fatar ba za ta jure benzoyil ba sai ta huce.

Yadda za a gane abin ya kauce hanya

Ɗan bushewa, saɓa da raɗaɗi na 'yan mintoci abu ne da aka saba gani, kuma yana raguwa. Amma in wurin ya kumbura, ya yi ƙaiƙayi mai tsanani, ya yi ƙananan bororo masu ruwa, wannan jiki ne ya ƙi maganin, sai a wanke a daina gaba ɗaya. Kumburin ido ko leɓe ko harshe, ko sarƙewar numfashi, abu ne da ba a cika gani ba, amma in ya faru asibiti za a nufa nan take.

Wani lokaci kuma maganin ba ya aiki ne don abin ba ƙurajen balaga ba ne. Ƙanana masu kama ɗaya, masu ƙaiƙayi, a goshi da ƙirji da baya, waɗanda ke tashi lokacin zafi da zufa, sau da yawa ƙwayar cuta ce dangin ta ƙyasbi, kuma maganinsu daban. Ƙurajen da ke fito wa maza a wuya da haɓa bayan aski gashi ne ke lanƙwashewa ya koma cikin fata, gyaransu yana ga yadda ake askin.

Wasu kuma bai kamata su jira mako 12 ba tun farko. Mai manyan ƙuraje masu zurfi da ciwo, da wanda ƙurajensa ke barin rami ko tabo mai tudu a ƙirji da muƙamuƙi, su tafi wurin likita da wuri, domin baƙin tabo yana gogewa da lokaci amma rami ba ya cikewa da kansa. Haka macen da ƙurajenta suka zo tare da rikicewar al'ada ko fitowar gashi a haɓa, ita tana buƙatar a duba homon ɗinta. Haka matashin da ƙuraje suka sa ya daina shiga mutane, ko yarinyar da ta daina zuwa makaranta saboda su. Likita yana da magungunan sha: antibayotik irin su dokzisaikilin na kimanin wata 3 tare da abin shafawa, da aisotiretinoyin ga masu tsanani, wanda ake sha wata 4 zuwa 6 ƙarƙashin kulawa sosai. Wannan na ƙarshe yana nakasa jaririn da ke ciki, saboda haka ba abin da za a saya a kemis da shawarar ƙawa ba ne, ko kusa.

Ga sauran, waɗanda su ne mafiya yawa, tsarin ba shi da tsada kuma ba shi da wuya: a zaɓi magani ɗaya da ya dace da irin ƙurajen, benzoyil ga jajaye, salisilik ko adafalin ga gudaji da baƙin ɗigo. A fara da mai sauƙin ƙarfi, a shafa siriri a duk yankin, a rubuta ranar da aka fara a jikin kwalin, kuma kada a ƙara masa wani ko a canza shi kafin mako 12, sai in ɗaya daga alamun da aka ambata a sama ta bayyana.